Sunaye sun yi daidai, shin hakan na nufin babu ma'aikatan bogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai binciken kuɗi ne na cikin gida a wata ma'aikatar gwamnati. An umarce ni in duba ko akwai ma'aikatan bogi a albashinmu. Na karɓi jerin sunayen ma'aikata daga sashen mulki, na gwada da takardar albashi, duka 1,240 ne, suna da suna. Watanni huɗu da suka wuce ma an yi tantancewa, kowa ya zo ya dangwala yatsa. Amma kuɗin albashi sai ƙaruwa yake yi alhali ba a ɗauki kowa ba. Ana matsa mini in sa hannu cewa komai lafiya, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me ya rage in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa hannu tukuna. Abin da ka gwada bai taɓa kuɗin ba ko kaɗan, kuma kuɗin ne ake sacewa.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki, wato imanin da mutane suka yi cewa idan jerin sunayen ma'aikata ya yi daidai da takardar albashi, to magana ta ƙare. Kusan duk rahoton da ya zo gabana da wannan jimla yake buɗewa. Ka tambayi kanka, wa ya buga jerin da aka ba ka, kuma daga ina ya kwafo shi? A ma'aikatu da yawa, idan odita ya nemi jerin ma'aikata, jami'in sashen mulki yakan taka zuwa ofishin albashi ne ya ce a fitar masa da sunaye, ya sauya kan takardar, ya buga hatimi ya miƙo. Ka ga ke nan takarda ɗaya ka gwada da kanta. Ko da ba haka aka yi ba, wanda ya iya cusa suna a albashi ya san za a zo a gwada, don haka abu na farko da zai yi shi ne ya tabbatar sunan ya shiga jerin ma'aikata. Daidaiton da ka gani, 1,240 cif da cif babu ko ɗaya a sama ko a ƙasa, ni shi ne ma ya fara tayar mini da hankali. Ma'aikata mai mutum sama da dubu ba ta rasa wanda ya tafi hutun karatu babu albashi, ko wanda aka dakatar, ko wanda aka tura aro wata hukuma. Jerin gaskiya yakan zo da 'yan bambance-bambance masu dalili.

Ita ma tantancewar haka take. Ba na raina ta. A Kenya, a 2014, rajistar zanen yatsa ta sa an cire sunaye sama da 12,000 daga albashin gwamnati. Amma tantancewar da aka sanar da ranarta tun makonni kafin ta zo, abin da take tabbatarwa kawai shi ne wani mutum mai yatsa ya zo ranar riƙe da takardu. Wanda ke cin albashin mutum huɗu zai iya samo mutum huɗu su tsaya a layi. Kuma tantancewa hoton rana ɗaya ce, alhali albashi kowane wata ake sake shirya shi. Sunan da aka cire ranar tantancewa, me zai hana shi dawowa bayan wata biyu idan mai shigar da suna shi ne mai amincewa da shi, kuma shi ne mai tura takarda banki? Abin takaici, sai a kashe kuɗi mai yawa, a sa masu ciki da marasa lafiya su yini a rana, a yi taron manema labarai, sannan babu wanda ya leƙa ko sau ɗaya ya ga asusun da kuɗin ke faɗawa. Kwamitin ya watse, rahoton ya shiga kabad, komai ya koma yadda yake.

Aikin daga banki ake fara shi, a yi baya zuwa fayil. Idan ka fara daga fayil ka nemi sunan a albashi, abin da kake gwadawa shi ne ko an biya kowa haƙƙinsa. Ɗan bogi ba ya cikin fayilolin da za ka ɗauko, don haka ba za ka taɓa cin karo da shi ta wannan hanyar ba.

Takardar da kake buƙata ita ce rahoton biyan da banki ko tsarin biyan kuɗi na gwamnati ya mayar, mai nuna kowane asusu da kuɗi ya shiga, da sunan mai asusun kamar yadda yake a wurin banki, da adadin. Ka rubuta wasiƙa ta hannun babban sakatare ko ofishin babban akanta, a aiko maka kai tsaye. Kada ka karɓi kwafin da sashen albashi ya ce shi ya tura, domin tsakanin takardar da aka sa wa hannu da fayil ɗin da aka ɗora a kwamfuta akwai rata, kuma a ratar nan ake yawan yin ɓarna. Ka nemi na watanni goma sha biyu, ba na wata ɗaya ba.

Mu ɗauki adadinka mu yi misali. A ce rahoton banki ya zo da layi 1,246. Shida ke nan da babu su a takardar albashin da aka amince da ita. Waɗannan ba sa cikin jerin kowa, ba su taɓa zuwa tantancewa ba, kuma gwajin da ka yi ba zai taɓa nuna su ba. Ka ware su gefe, ka haɗa jimillar kuɗinsu, ka ga ko ita ce ratar da ke tsakanin abin da aka amince da abin da ya fita daga asusun ma'aikata.

Sai ka koma kan sauran 1,240, ka ƙirga sau nawa kowace lambar asusu ta bayyana. A Excel, idan lambobin asusu suna jerin tsaye na D, ka rubuta wannan a layi na biyu na wani jerin da babu komai, ka ja shi har ƙasa:

```
=COUNTIF(D:D,D2)
```

Kafin nan ka tabbatar ka shigo da lambobin a matsayin Text, in ba haka ba sifilin da ke farkon lamba zai ɓace, gwajinka da takardar albashi ya rikice. A ce ka tarar layuka 1,240 ɗin sun faɗa cikin asusu 1,231 kacal: asusu ɗaya na karɓar albashi huɗu, asusu shida kuma kowanne na karɓar biyu. A nan ake buƙatar natsuwa. Daga cikin shidan nan za ka iya samun miji da mata masu asusun haɗin gwiwa, ko wanda aka biya shi ariyas a layi na daban, ko asusun ƙaramin banki da ke karɓa a dunƙule ya rarraba wa mutanensa. Duk waɗannan suna da takardar da za ta wanke su cikin yini guda. Amma asusu ɗaya mai sunan mutum ɗaya da ke karɓar albashin mutum huɗu masu sunaye daban, a sassa daban, wannan ba shi da wata fassara mai kyau.

Wanda ya ƙware ba ya maimaita asusu. Zai buɗe huɗu a bankuna huɗu. Abin da ke kama shi shi ne lambar shaidar da ke ɗaure duk asusun mutum wuri guda. Da irin wannan ne, wato BVN, ma'aikatar kuɗin Najeriya ta sanar a watan Fabrairun 2016 cewa ta cire sunaye 23,846 daga albashin tarayya. Idan doka ta ba ofishinka damar neman wannan lamba, ka maimaita ƙirgar a kanta. Idan ba ta ba ka ba, ka gwada sunan da ke banki da sunan da ke albashi, kana sane da cewa macen da ta sauya suna bayan aure da wanda aka juya masa suna gaba da baya za su fito a ciki ba tare da laifin komai ba.

Ƙaruwar kuɗin da ta dame ka, lissafin wata-wata ne zai buɗe ta. Adadin watan jiya, a ƙara waɗanda suka shigo, a cire waɗanda suka fita, dole ya ba da adadin wannan watan. Kowane mai shigowa ka nemi takardar ɗaukarsa aiki da ta kama aiki. Masu fita kuwa kada ka karɓi jerinsu daga sashen mulki kaɗai. Je ofishin fansho ka karɓo sunayen waɗanda suka yi ritaya da waɗanda iyalansu suka nemi haƙƙin mamaci, domin iyali ba sa fasa zuwa neman haƙƙinsu, kuma wannan rajista ba ta hannun mai shirya albashi. Ɗan bogin da ya fi wuyar ganewa shi ne ma'aikacin gaskiya da ya rasu ko ya ajiye aiki, fayil ɗinsa cike da takardu na ƙwarai, aka bar sunansa aka sauya lambar asusu kawai. Saboda haka ka jera watanni goma sha biyun nan, ka fitar da duk wanda asusunsa ya canza, ka nemi takardar da shi da kansa ya rubuta yana neman canjin. Canjin asusu da ya biyo bayan ranar rasuwa hujja ce da ba ta buƙatar dogon bayani. Idan kuma adadin mutane bai motsa ba amma kuɗi na hawa, ka duba matakin albashi da alawus, wataƙila matsalarka ƙarin girma ne na bogi ba mutane na bogi ba.

Sunayen da suka rage bayan wannan tacewa, ƙila ashirin ko talatin, su ne za ka bi da ƙafa, ba tare da sanarwa ba. Ka je sashen da aka ce mutum yake, ka tambayi shugabansa na kai tsaye da abokan zamansa, ka duba rajistar zuwa aiki da takardun hutu. Wanda ya shekara biyar bai taɓa neman hutu ba, bai ci bashi ba, ba a taɓa rubuta masa ko takardar gargaɗi ba, sai ka ƙara sa ido. Sannan ka nemi sashen kwamfuta su fitar maka da tarihin shigar da bayanai, wanda ke nuna da sunan wa aka ƙirƙiri kowane layi ko aka sauya asusu, da rana da lokaci. Sau da yawa za ka ga duka daga hannu ɗaya suka fito.

Akwai abin da wannan gwaji ba zai kama ba, kuma ya kamata ka faɗe shi a rahotonka: mutum na gaskiya, mai fayil da asusu nasa na kansa, wanda ba ya zuwa aiki, yana raba albashin da wanda ke rufa masa asiri. A takarda ba shi da aibu, ziyarar bazata ce kaɗai ke tona shi.

Don Allah kada ka ba da shawarar a tsayar da albashin duk wanda sunansa ya fito a gwajin farko. Na sha ganin an yi haka, masinja da mai shara suka yi watanni babu albashi saboda harafi ɗaya da ya bambanta a sunansu, wanda ya shirya satar kuwa yana zaune a cikin kwamitin sauraron ƙorafi. Ka raba sakamakonka gida biyu, waɗanda hujja ta tabbata a kansu da waɗanda ke jiran bayani, a ba na biyun wa'adi da ofishin da za su kai takardunsu. Ka ajiye kwafin rahoton banki na asali a wajen ma'aikatar, kuma ka miƙa rahotonka a rubuce ga babban sakatare tare da kwafi ga ofishin babban mai binciken kuɗi, kafin sashen albashi ya ga sunayen da ke ciki.