Lita nawa za a zuba idan yashi ya sha ruwan sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Jibi za mu zuba dakin, wato rufin kankare, injiniya ya rubuta mana awon ruwa da siminti 0.55, haɗin 1:2:4, kuma injinmu na buhu ɗaya ne. Amma kwana biyu ana ruwa, yashin ya jiƙe. Lita nawa za mu riƙa zubawa a kowane kwaɓi? Magininmu ya ce jarka ɗaya da ɗan ƙari kamar kullum.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bari a zuba jarka ɗaya da ƙari a wannan yashin. Ba wai magininka bai san aiki ba ne, awon da ya faɗa awon rani ne, lokacin da yashi yake bushe ƙamas. Yanzu yashinka ya riga ya ɗebo wani kaso na ruwan da kansa, kuma siminti bai san bambanci tsakanin ruwan jarka da ruwan da ya shigo a jikin yashi ba. Duk ɗaya ne a wajensa.

Mu fara da abin da injiniya ya rubuta. Wannan 0.55 awon nauyi ne: nauyin ruwa a raba shi da nauyin siminti. Buhu kilo 50 ne, lita ɗaya ta ruwa kuma kilo ɗaya ce, don haka 50 sau 0.55 ya ba ka lita 27.5. Wannan shi ne dukkan ruwan da aka yarje wa buhu guda, ko daga ina ya fito. Abin da za ka zuba da hannunka shi ne abin da ya rage bayan ka cire wanda yashi da tsakuwa suka zo da shi.

Sai ka san nauyin yashin da ke shiga kwaɓi ɗaya. Buhun siminti yana cika kwanon gini biyu, wajen lita 35 ke nan, shi ya sa a 1:2:4 ake zuba kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Kwano huɗu na busasshen yashi yana kai kilo 112 ko kusa da haka, takwas na tsakuwa kuma wajen kilo 210. Idan kana da sikeli a wajen aikin ka auna naka, don kwano ya bambanta, yashin kowane rafi ma da nasa nauyin.

Abin da ya rage shi ne sanin yawan ruwan da ke cikin tulin, kuma wannan aikin rabin awa ne. Ka nemi ƙaramin sikelin nan na kicin mai nuna giram, da tsohon kaskon suya, da murhun gawayi. Kada ka ɗebi yashin saman tuli, shi iska da rana sun riga sun taɓa shi. Ka sa shebur ka tona kamar tsawon kamu ɗaya a wuri uku ko huɗu, ka haɗa su a leda ka cakuɗa, ka auni giram 1000 cif. Ka zuba a kasko kana juyawa kamar mai suyar gyaɗa, wuta kaɗan-kaɗan don kada ƙwayoyin su riƙa tsalle suna fita. Zai fara da duhu yana dunƙulewa a jikin cokali, sannan ya yi haske ya warware yana zuba shar-shar. Ni nakan kifa gilashi ko madubi a samansa; muddin yana yin gumi, da sauran ruwa. Idan ya huce ka auna, ka mayar wuta minti biyar ka sake aunawa. In lambar ba ta sauya ba, ya bushe.

A ce ka sami giram 935, wanda irinsa nake yawan gani a watan Agusta. Ruwan da ya tashi giram 65 ne. Ka raba shi da nauyin busasshen, wato 935, ba da 1000 ba. Zai ba ka kashi 7 cikin 100.

Amma ba duka bakwai ɗin za ka cire ba. Ƙwayar yashi tana da 'yan ƙananan ƙofofi da take shanye ruwa a ciki, kuma wanda ta shanye ba ya fitowa ya haɗu da siminti. A yashin rafi mai tsabta wannan yakan kama kashi 1 cikin 100. Wanda ke jikin ƙwayar ta waje, mai jiƙa maka hannu, shi ne abin lissafi: 7 a cire 1, saura 6. To, kilo 112 sau 0.06 ya zama lita 6.7. Ka ga kusan kwata na ruwan buhun yana cikin yashin tun kafin a kusanci tanki.

Tsakuwa ba ta riƙe ruwa kamar yashi, tana tsanewa da wuri, amma da yake ita ce mai yawa a haɗin ba na raina ta. Idan ka ɗauka ka ga tana ƙyalli ta jiƙa maka tafin hannu, ka lissafa mata kashi 1 cikin 100, wato lita 2.1 a kilo 210. In launinta ne kawai ya yi duhu ba ta jiƙa hannu, ka bar ta, ba ta ƙara ba ta rage. Da wannan misalin lissafin ya zama 27.5 a cire 6.7 a cire 2.1, saura lita 18.7. Bokitin fenti mai lita 20 ma bai cika ba.

Yanzu dubi abin da zai faru in an bi awon kullum. Lita 27.5 ta jarka, a haɗa da 8.8 da ke ɓoye a yashi da tsakuwa, lita 36.3 ke nan a buhu guda. Raba da 50, ka koma 0.73. Siminti ba ya buƙatar ko rabin wannan don ya kama. Ragowar ruwan wuri yake tarewa a cikin kankaren, idan ya bushe ya bar ƙofofi. Tsakanin 0.55 da 0.7 kankare yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ga shi danshi yana samun hanyar kaiwa ga rodi.

Na ga wannan da idona a wani dakin da na kula da shi a farkon shigata aikin nan, kuma laifina ne, don ni na ce a bar ma'aunin ruwa yadda yake bayan an kwana ana sheƙa ruwa. Leburori har murna suke yi, kankare yana bin baro kamar kunu, ba wahalar bazawa. Kafin mu gama ɓangare ɗaya ruwa ya taso ya kwanta a saman wanda muka fara, ruwan siminti kuma yana tsiyaya ta haɗin katako yana ɗiga ƙasa. Bayan sati biyu na goga takalmi a kai, gari ya tashi. Na sa ƙusa na karta, ta shiga. Sai da aka kira injiniya aka yi gwaji, aka ƙara bim a ƙasa, mai gida ya yi asarar da bai kamata ya yi ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Don haka in ka ga ruwa yana tasowa sama, ko tsakuwa tana warewa gefe guda idan an juye baro, ka tsayar da injin.

Akwai abu na biyu da jiƙaƙƙen yashi yake yi, wanda in ba ka kula da shi ba lissafin da muka yi ba zai tsaya daidai ba. Yashi mai danshi yana kumbura. Ruwan da ke jikin ƙwayoyin yana hana su kwanciya a kan juna, sai kwano ya cika alhali yashin cikinsa bai kai ba. A danshi irin na kashi 5 ko 6 kumburin yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ya fi yawa a yashi mai laushi. Gwajinsa ba wuya. Ka sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ka zuba yashin ba dannawa zuwa santimita 20, ka juye shi gefe, ka zuba ruwa rabin gwangwanin, ka mayar da yashin kana motsawa har ya kwanta. Yashin da ya nutse a ruwa yana komawa kusan girmansa na bushe. In ya tsaya a santimita 16, bambancin 4 ne, a raba da 16, kumburi kashi 25 ke nan. Ma'ana kwano biyar za ka zuba a madadin huɗu kafin ka sami kilo 112 ɗin nan. Idan da sikeli kake aiki, ka auni kilo 120 na jiƙaƙƙen, wato 112 sau 1.07.

Ka lura lita 18.7 ta dace ne da kwano biyar. In ka bar shi a huɗu, yashin gaskiya wajen kilo 90 ne kawai, ruwan jikinsa lita 5.4, haɗin kuma zai fito da gautsi, tsakuwa ta yi masa yawa, ya bar ramuka a gefen bim idan an cire katako. Daga nan ne magini yake cewa a ƙara ruwa, alhali yashi ne ya gaza.

A wajen aiki ga yadda nake yi. Ina auna ruwan da robar lita ɗaya cikin bokiti, in huda bokitin da ƙusa mai zafi daidai layin, ta yadda ko yaron injin ya so ya ƙara sai ya tsiyaye. Layin fenti ba ya hana kowa. A kwaɓin farko ina riƙe lita biyu a hannu, in bar injin ya juya minti biyu cur, sannan in duba. Sau da yawa abin da ake gani kamar ya yi tauri rashin juyawa ne.

Kuma in gaya maka gaskiya, 1:2:4 a kan 0.55 ba ya gudu, musamman da fasasshen dutse. Leburori za su yi ƙorafi. Ka tanadi injin girgiza kankare, wanda muke kira poka, shi ne maganin wannan. In duk da haka ya ƙi shiga tsakanin rodi, ka kira injiniyanku: ko a ƙara ruwa tare da siminti a awo ɗaya, lita 5.5 ga kowane kilo 10, ko a sa maganin sassauta kankare, ko a rage tsakuwa kaɗan. Ruwa shi kaɗai dai a'a.

Lambar da ka samu ta ranar ce kawai, don haka suyar yashin da safiyar jibi za ka yi ta, ba yau ba. Gindin tuli ya fi samansa ruwa sosai, ka hana a kwashi na ƙasa-ƙasa inda ruwa ya taru, kuma idan an ci rabin tulin ko tifa ta kawo sabo ka sake gwadawa. Tsakanin gwaji da gwaji hannunka zai taimake ka: ka damƙi yashin ka buɗe. In ya wargaje, danshinsa kaɗan ne, wajen kashi 2. In ya dunƙule bai jiƙa hannu ba, wajen 4. In yana ƙyalli ya bar ruwa a tafinka, ya kai 6 ko ya wuce. Daren nan ka sa a rufe tulin da tamfol, a yi masa 'yar hanya ta gefe ruwan ya samu ya tsane. Allah ya sa a zuba lafiya.