Abin da za ki kai wa kaka daga ragowar tukunya

"Hajiya, kakata ta haura shekara 80, ga ciwon suga, ga haƙora sun zube. Kullum in na tashi aiki nakan kai mata ragowar shinkafarmu da fura da nono. Kwanan nan tana yawan amai da zawo, alhali abin da ta ci shi muka ci. Me ke jawo haka?"

Ɗiyata, abincin ɗaya ne, cikin ne ba ɗaya ba. Tsamin da ke cikin tumbin mutum shi ke fara kashe ƙwayoyin cuta, kuma yakan ragu da tsufa, balle in tana shan maganin gyambon ciki. Ciwon suga kuma yana ƙara raunana garkuwar jiki. Abin da zai murɗa miki ciki na rabin yini, ita yana iya kwantar da ita asibiti.

Mu fara da shinkafar, don ita na fi zargi. A wurin aikinmu muna gama dafa ta wajen sha ɗaya na safe. Muddin tana kan garwashi tana tururi, zafinta ya wuce digiri 60, babu damuwa. Amma wuta kan mutu wajen ƙarfe biyu, ke kuma kina kwashe ragowa ƙarfe huɗu a leda, kaka ba ta ci sai bayan magariba. Awa biyar ke nan shinkafa na zaune da ɗumi-ɗumi. A cikin ɗanyar shinkafa akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta. Da tukunya ta huce sai ta farfaɗo, ta hayayyafa, ta zuba dafi, kuma dafin nan ko kin sake ɗumamawa yana nan daram. Ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano, saboda haka sunsunawa ba ta gaya miki komai. Alamarsa amai ne da ke tasowa cikin awa ɗaya zuwa shida bayan an ci. Ki lura ko haka nata yake.

Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje bayan ya bar wuta. In zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce kawai. To a Sakkwato, inda bazara kan wuce 40, ki riƙe awa ɗaya abinki. Ni dai na fi son ki ɗebi nata tun tukunya na tafasa, ki zuba a kula mai riƙe zafi, a kai mata ta ci da azahar. Da dare ki tuƙa mata ɗan tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, gwangwani guda ya ishe ta. In dole sai ɗumame, a sa shi firij da wuri, a ɗumama sau ɗaya tak har tururi ya fito daga tsakiyarsa. Firijin da aka ɗauke wa wuta tun safe kuwa akwati ne kawai.

Sai nonon. Kada ki raba tsohuwa da furarta, za ta ƙi cin komai ne ki shiga uku. Amma nonon da ake tallarsa a ƙwarya galibi ba a tafasa madarar kafin ta kwana, kuma tsamin da ya yi ba ya kashe duk abin da ke ciki. Ta ɗanyar madara ake ɗaukar tarin fuka na shanu, da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Ga ruwan da ake tsinkawa da shi, ga ƙanƙarar da ba ki san rijiyarta ba. Ki sayi madara ki tafasa da kanki, in ta huce ta koma ɗumin da yatsa ke jurewa ki zuba cokali guda na yogot ɗin kamfani, ki rufe ta kwana. Ki dama da tafasasshen ruwa, ta sha nan take, kuma ki rage suga saboda ciwonta.

Salak na ɗanyen kabeji da latas, ƙwai mai ruwa-ruwa na mai shayi, da kankanar da aka yanka tun safe a faranti, waɗannan ki ɗauke mata su gaba ɗaya. Zogale dafaffe ba laifi in yanzu aka kwaɗa.

In zawon ya sake zuwa, ki ba ta ruwan gishiri da suga na kemis, sacet ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, tana kurɓa kaɗan-kaɗan, ciwon suga bai hana shan sa ba. Tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba, kuma ba lallai jikinsu ya yi zafi ba ko da cutar ta yi tsanani. Don haka ki duba harshenta ko ya bushe, da fitsari ko ya ragu. In ta fara rikicewa ko barcin da ba ta saba ba, ko aka ga jini a bayan gida, ko ruwa ba ya zama a cikinta, ku wuce asibiti a ranar, ku tafi da duk magungunan da take sha likita ya gani.