Kawai, wataƙila da ina ganin: wace za a cire in ana neman haƙƙi?

Tambaya daga wani mai karatu a Marwa: "Malam, na ba wani Alhaji albasa buhu 12 a kan sefa dubu 180, ya ba ni dubu 120. Na rubuta masa ta waya: 'Salamu alaikum Alhaji, da ma kawai na ce bari in ɗan tuna maka, ina ganin kamar akwai ɗan sauran kuɗin nan, wataƙila in da hali ko za a ɗan duba.' Ya ce za a duba, shiru har yau. Abokina ya ce in cire su kawai da wataƙila duka. Ba zai zama rashin kunya ba? Sa'an mahaifina ne."

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Akwai kalmomin da ya kamata su fita, akwai waɗanda in ka taɓa su za ka ɓata lamarin fiye da yadda yake. Abin da ke raba su shi ne wurin da kowace ta zauna. Kalmar sassauci in ta zauna a kan mutumin da kake wa magana, ladabi ce. In ta zauna a kan kuɗin, ko ranar biya, ko gaskiyar cewa ana bin bashin, to ta zama shakka, kuma kai da bakinka ka saka ta.

Fara da "ina ganin kamar akwai". Ina ganin kalma ce ta ra'ayi. Mai gyaran babur zai ce "ina ganin fulogi ne" kafin ya kwance, domin bai tabbatar ba tukuna, kuma ya yi daidai. Amma dubu 180 a cire dubu 120, saura dubu 60, wannan ba ra'ayi ba ne. Da ka ɗora masa "ina ganin", ka ƙara da "kamar", ka mai da lissafi abin da kowa zai iya kawo nasa ganin a kai. Alhaji ba sai ya yi maka ƙarya ba. Ya isa ya ce a ransa, "yaron ma bai tabbata ba, sai mun zauna." Ita "ina jin" haka take, har ta fi rauni.

Sai wataƙila, wadda ake taƙaitawa ƙila. Tushenta Larabci ne, daga kalmar da ke nufin "an ce", ita ce kuma muke ji a cikin ƙila-wa-ƙala, wato zancen da ba shi da mai shi. Akwai karin maganar da ke cewa wataƙila ta hana Bature ƙarya. Ma'anarta, wanda ya ce wataƙila ba a kama shi da saɓa alkawari, in abu ya yiwu ya faɗa, in bai yiwu ba da ma bai ɗauki nauyi ba. Ka ga ke nan kalmar garkuwa ce ta wanda ake nema a wurinsa. Kai mai nema ba ka da abin da za ka kare da ita. Da ka sa ta a saƙonka, ka miƙa wa Alhaji garkuwar tun bai tambaya ba, shi kuwa ya karɓa. Dubi amsarsa: "za a duba" naka ne, "ko za a ɗan duba" ka rubuta, ya mayar maka da kayanka. Mutane sukan amsa roƙo da irin ma'aunin da aka yi shi, wanda bai ambaci rana ba ba za a ba shi rana ba.

Kawai ita ce ta fi wuyar sha'ani, domin ma'anarta tana juyawa da wurin zamanta. In ka ce "kawai na ce in tuna maka", ka ƙanƙanta zuwanka: tunatarwa ce kurum, ba a jiran komai bayanta, kuma Alhaji ya tuna, ya cika abin da ka nema. In ka ce "dubu 60 kawai suka rage", kawai ta koma kan adadi, tana nuna abin ba shi da yawa a wurin mai biya, an kusa gamawa. Wannan tana taimakonka, ko da yake ga babban mutum tana iya zama kamar zolaya, kamar kana cewa ɗan wannan ma ya gagare shi. In kuma ka ce "ka biya ni kawai", ai ka kai maƙura, magana ce ta wanda haƙurinsa ya ƙare. Kalma ɗaya, a farko tana sunkuyar da kai, a ƙarshe tana zare ido. Don haka mai cewa "a cire kawai" sai a tambaye shi wacce.

Ɗan ta fito sau uku a saƙonka. "Ɗan jira ni", "ɗan matsa", a gaban aikatau tana rage nauyin umarni, babu laifi. Amma "ɗan sauran kuɗin nan" ta mai da kuɗin buhu huɗu na albasa abin da bai kai a tashi dominsa ba. Ɗan kasuwar da motarsa ke lodi zuwa Duwala yana da masu binsa da yawa, kuma wanda ya faɗi adadi da rana shi ake fara sallama. Mai ɗan saura sai an samu sarari.

To me zai rage in an share duka? "Alhaji, ka biya ni dubu 60 ranar Litinin." Wannan a bayyane take, amma kada ka aika ta. A rubuce babu murya, babu rusunawa, babu murmushin da zai tausasa "ka biya ni". Dattijo zai karanta ta da muryar da ya ga dama, galibi mai kaushi. A Marwa da Garwa, inda Bahaushe ke cuɗanya da Fulani kullum, kuma kunya da kawaici ke da daraja babba, irin wannan saƙo yana iya jawo a biya ka a rufe ƙofar ciniki, ko a kira mahaifinka a ce yaronka ya yi mini tsaurin ido. Shawarar a zubar da kalmomin sassauci kaf ta fi dacewa da takardar ofis tsakanin sa'o'i, ba a ɗauko ta ɗungurungum a kai wa sa'an uba.

Hausa tana da wuraren ajiye ladabi da ba su taɓa adadi. Akwai gaisuwa cikakkiya. Akwai laƙabi, Baba Alhaji. Akwai lamirin da ba ya nuna mutum, "a turo" maimakon "ka turo", ko jam'in girmamawa, "ku turo". Akwai "don Allah" da "ina roƙo". Akwai kuma faɗin dalili, wanda yake ɗauke wa dattijo jin cewa ana tuhumarsa. Ga yadda zan so saƙon ya kasance:

"Salamu alaikum Baba Alhaji, ina wuni, ya kasuwa, ya iyali? Game da albasa buhu 12 ne, an ba ni dubu 120, saura dubu 60. Ina roƙo don Allah a turo mini kafin Litinin, domin ranar zan sallami mai gonar. In Litinin ba za ta yiwu ba, a faɗa mini ranar da za ta yiwu in sanar da shi. Allah ya ƙara girma."

Karanta shi ka gani ko akwai inda aka ɗaga murya. Babu. Amma abu uku sun tsaya cak: mene ne, nawa ne, yaushe. Jimlar "in Litinin ba za ta yiwu ba" ita ce ta maye gurbin "wataƙila in da hali". Dukansu suna ba dattijo ƙofa, sai dai ta farko ƙofa ce zuwa wata rana, ta biyu kuwa ƙofar fita ce gaba ɗaya. Dalilin da za ka faɗa ya zama na gaskiya. In ba mai gona ke jiranka ba, faɗi abin da ke jiranka, ko ka bar dalilin.

Hanyar da za ka riƙa bi mai sauƙi ce. Rubuta ƙashin maganar tukuna, abu da adadi da rana, ba ado. Sannan ka sa gaisuwa a sama, addu'a a ƙasa. Bayan nan ka zaɓi kalmar sassauci ɗaya, ko biyu in mutumin babba ne ƙwarai, ka ɗora ta a kan aikatau ɗin roƙon kaɗai. Saƙonka na farko yana da da ma, kawai, ɗan har uku, ina ganin, kamar, wataƙila, in da hali, da ko. Kowace ita kaɗai ba ta da aibu, taruwarsu ce ta sa mai karatu ya kai ƙarshe bai ga abin da aka ce ya yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, neman kuɗinka kuwa ranar wanka ce.

Amsar da ta dawo ita za ta nuna maka inda ka tsaya. In ka ji "za a duba", ko "nawa ne ma?", ko "in sha Allahu" ba tare da rana ba, sassaucin ya yi yawa. In sha Allahu da ke tare da rana, "Litinin in sha Allahu", alkawari ne na Musulmi, kada ka ɗauke ta a matsayin zillewa. In kuwa amsar ta zo guntuwa, "to, na ji", daga mutumin da ya saba tambayar lafiyar gida, ko ya aiko yaro da kuɗin ba saƙo, to ka rage da yawa, sai ka taka da ƙafarka ka gaishe shi.

A kula da dai, fa da mana, waɗanda masana nahawu kan kira irinsu gishirin Hausa. Mutane sukan ɗauka duk masu tausasawa ne. "A dai taimaka" tana da taushi, amma "Litinin dai" ƙarfafawa ce, ba wata rana ba. "Litinin fa" gargaɗi ne. "Ka turo mana" tsakanin abokai zaburarwa ce, ga dattijo kuwa ƙosawa ce. Wai ma haka: "wai yaushe za a biya?" ba tambaya ba ce, ƙorafi ne. Kada ɗayansu ta shiga saƙon Alhaji.

Akwai inda wataƙila da ina ganin suke da cikakken haƙƙin zama. In ba ka rubuta cinikin ba, kuma da gaske kana kokwanton ko buhu 12 ne ko 11, cire "ina ganin" ƙarya ce, in Alhaji ya buɗe littafinsa ya ga saɓani, sauran maganarka duka ta raunana. Abin yi shi ne ka killace shakkar a wurinta: "A lissafina saura dubu 60, a duba littafi in akwai bambanci." Haka nan in alfarma kake nema, kamar aron mota ko a ɗaga maka lokacin biya, "ko zai yiwu" da "in da hali" su ne daidai, domin mutumin yana da ikon ƙi, kuma ladabi ne ka nuna ka san haka. Ko a nan ɗin ma adadi da rana ba sa ɗaukar wataƙila: wanda ka ce wa "wataƙila in dawo da ita da yamma" ba zai ba ka makullin ba.