Na aika debi kwana tara ba amsa, yaya zan sake taso maganar?

Tambaya: Salam. Ni mai walda ne a nan Damagaram, gareji na yana Sabon Gari. Wani Alhaji mai gini a Garin Malam ya ce in yi mashi debi, wato lissafin kuɗin aiki, na ƙofa 4 da taga 6, na je na auna, na aika mashi ta WhatsApp, duka jaka 650. Ya buɗe ya gani amma yau kwana tara shiru. Ina son aikin, amma ba na son ya ga kamar na matsa mashi ko yunwa nake ji. Me zan ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da nake so ka fara ajiyewa shi ne tambayar nan ta "Alhaji yaya maganarmu?" Ita ce ta fi saurin zuwa baki kuma ita ce ta fi kashe ciniki, don amsarta biyu ce kawai, ko ya ce na yarda ko ya ce na fasa, kuma mutumin da bai gama shawara ba ba ya da ko ɗaya cikin biyun, babba kuma a garinmu ba ya son ce ma mai sana'a a'a kai tsaye, sai ya ƙara yin shiru. Duk lokacin da za ka sake taɓo shi ka zo da wani abu sabo a hannunka, sannan ka yi tambayar da zai iya amsawa da kalma ɗaya yana cikin mota.

Kafin ka rubuta komai, je ka leƙa ginin. Mai gini shirunsa yana jikin bango. In ka tarar magina suna aiki, an zuba linto, ramukan taga a buɗe, to aikinka yana gaba kuma zai nemi mai walda ko kai ko wani. In ka tarar ba kowa, yashi ya baje, ba buhun siminti ko ɗaya, kuɗi ne suka tsaya, ba farashinka ba ne matsalar, kuma ko ka rage jaka hamsin ba abin da zai motsa. In kuma ka ga an riga an kafa firam, wani ya karɓa, ka huta. Gaisa da babban magini ma, shi ya san ranar da ake son ƙofofi, wani lokaci ma shi Alhaji ya tura ma debin naka ya duba.

Sai saƙon. Tunda ka ce ya buɗe takardar kawai, ban tabbata ya karanta ta ba, da yawa daga manyanmu hoton takarda mai lissafi da faransanci sai sun jira yaro ya karanta masu, yaron kuma ya mance. Don haka ka yi saƙon murya, gajere, kada ya wuce rabin minti, da hantsi ko bayan la'asar, ban da ranar Juma'a kusa da lokacin masallaci, in kuma ɗan kasuwa ne ban da Alhamis da Kasuwar Dole take ci. Ga misali:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da hantsi, ya iyali ya gajiya. Mai walda ne na Sabon Gari da ya zo awon ƙofofi. Jiya na bi ta wajen ginin na ga an gama linto, Allah ya sa albarka. Abu ɗaya nake son in tabbatar, ƙofar waje mai ganye biyu kuke so ko ganye ɗaya? Don in gyara lissafin daidai. Na gode, a huta lafiya."

Ka lura ba ka ce ka aiko bai amsa ba. Wannan kalmar tana sa mutum ya ji ana bin sa bashin amsa, sai kunya ta hana shi kiranka ko da yana so. Ba ka ambaci kuɗi ba, kuma ka tuna mashi ko wane ne kai, don mai gini yana magana da mai tayil da mai lantarki da mai fenti duk a mako ɗaya.

In ya amsa ya ce ganye biyu, magana ta dawo, sai ka aika gyararren debi ka bi shi da murya kana faɗin jimillar da baki. In ya ce "kuɗin ne sun yi yawa", a nan ne mutane suke saurin zaftare farashi, kuma ni ban ba ka shawarar haka ba, wanda ya sauko daga 650 zuwa 580 ba tare da an canza komai ba ya nuna ma Alhaji cewa da can ɗora mashi aka yi, kuma zai jira ka ƙara saukowa. Raba aikin ya fi. A ce ƙofa jaka 85 ka sa kowace, huɗu 340, taga jaka 45, shida 270, kafawa da dako 40. Sai ka ce a fara da abin da zai rufe gidan, ƙofofin waje biyu 170, tagogi 270, kafawa 30, ya kama 470, ƙofofin ciki biyu da sauran kafawa 180 a bari sai ya shirya. Ko ka ba shi zaɓin ƙarfe, ƙofofin ciki a yi su da falange mara kauri sosai tunda ba su fuskantar ɓarawo ko ruwa, ka faɗa mashi gaskiyar bambancin. Farashi ya sauka saboda kaya sun canza, mutuncinka yana nan.

To in saƙon muryar ma shiru? Bari kamar kwana biyar ko mako, sannan ka yi amfani da dalilin da ke gare ka na gaskiya, wato ƙarfe. Kai ka san kuɗin tiyo da falange ba sa zama wuri ɗaya, musamman abin da ke shigowa ta Kano da canjin naira ke taɓawa. Je wurin mai saida maka ka tambayi farashin ranar da kuma har yaushe zai riƙe maka shi, sai ka ce ma Alhaji: "Lissafin da na ba ku na farashin ƙarfen wancan lokacin ne, mai kaya ya ce zai riƙe mani zuwa Litinin, bayan nan sai na sake tambaya. Na ce in sanar da ku don kada ya zo maku ba zato." Amma in ƙarfe bai motsa ba kada ka ƙirƙira, garin nan kowa ya san kowa, kira ɗaya zai yi ya gane. Nan gaba kuma ka riƙa rubuta a ƙasan kowane debi cewa farashin na kwana 15 ne, da abin da za a fara bayarwa na sayen ƙarfe, wannan layin shi ke ba ka hujjar kira ba tare da an ce ka matsa ba.

Bayan waɗannan biyu, na uku ya zama ƙafa. Ka same shi inda yake zama, ku gaisa sosai, kuma kada ka ɗauko maganar gaban mutane, in kuɗi ne suka yanke mashi ba zai faɗa a majalisa ba. In za ka tafi ya ɗan taka maka, nan za ka ce "Alhaji maganar ƙofofin nan, in an ɗaga ne ba komai, ku faɗa mani watan da zan sake tuntuɓa." Ka ba shi hanyar cewa ba yanzu ba cikin mutunci. In ya ce bayan salla ko bayan an sayar da amfanin gona, rubuta a wayarka, ka kira a lokacin, da sabon farashi. In ya ce "zan neme ka" kawai ba wata ba rana, kada ka sayi ko sanda ɗaya ta ƙarfe da sunan aikinsa, kuma kada ka hana ma wani kwastoma wuri a gareji saboda shi.