Yadda ake auna rubutun muryar bayani da tsawon hoto

Tambaya: Ina rubuta bayanin da ake ɗora wa gajerun shirye-shiryen bidiyo, amma kullum sai edita ya dawo mini da shi, wai magana ta zarce hoto. Ta yaya zan sa lambobin lokaci da ƙiyasin karatu a rubutun tun kafin a shiga situdiyo?

Amsa: Abu na farko shi ne ka karɓi hoton da aka gama yankawa, wanda edita ya tabbatar ba zai ƙara taɓa tsawonsa ba, kuma ka roƙe shi ya fitar maka da kwafi mai lambar lokaci a jikin hoton. Lambar tana da gida huɗu: awa, minti, sakan da firam, wato hoto ɗaya tsayayye daga cikin jerin da ke haɗuwa su ba da motsi. Gidan ƙarshe ne yake ruɗa mutane, domin ba kason ɗari na sakan ba ne. A aikin da ke tafiya da firam 25 a sakan, `00:01:12:20` na nufin minti ɗaya da sakan 12 da firam 20, wato saura firam biyar sakan na 13 ya cika. Ka kuma tambaye shi inda lissafinsa ya fara, tunda manhajar yankan hoto ta DaVinci Resolve takan fara daga `01:00:00:00`, kuma idan kai ka fara daga sifili, lambobinku ba za su zo ɗaya ba.

Sai auna mai karatu, wanda a ganina nan ne aikin yake. Ana yawan cewa kalma 150 a minti, amma wannan ma'auni ne na karatun Turanci, kuma Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su da, na, ya, ta, ga kuma dogayen wasula da harafin da ake nanatawa, waɗanda suke cin lokaci. Saboda haka ka ba wanda zai karanta shafi ɗaya daga ainihin rubutun shirin, ya karanta da murya kamar yana gaban makirufo, kai kuma kana riƙe da agogo. A ce ya karanta kalma 216 cikin sakan 90. Idan ka raba, gudunsa kalma 2.4 ne a sakan, kuma da wannan adadi za ka yi aiki har ƙarshen shirin, muddin ba a canza mai karatu ba.

Mu ɗauki fitowa ɗaya daga shiri a kan marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ta fara a `00:01:12:00` ta ƙare a `00:01:40:00`, wato sakan 28. Ka rubuta mata kalma 67, ka raba da 2.4, ka sami kusan sakan 28, sai ka ɗauka ta zauna daidai. Wannan shi ne kuskuren da ke sa edita ya dawo maka da takarda. Mai kallo yana bukatar kamar sakan biyu ya gane wurin da aka kai shi kafin murya ta shigo, da wasu biyun a ƙarshe don kada kalmar ƙarshe ta faɗa cikin fitowa ta gaba, sannan a tsakiya akwai sakan huɗu da ake so a ji motsin ruwan baba yayin da marini yake tsoma zane. Idan aka cire takwas, sakan 20 ne naka, wato kalma 48, don haka kalma 19 za su fita. Ga yadda kan fitowar zai kasance:

```
FITOWA 4  00:01:12:00 - 00:01:40:00
MURYA     00:01:14:00 - 00:01:38:00
SHIRU     00:01:24:00 - 00:01:28:00
KALMA 48  KARATU 20s
```

Akwai kuma wata ɓoyayyiyar matsala a ƙirgen da kwamfuta take yi. Tana ganin 1985 a matsayin kalma ɗaya, alhali baki zai ce alif ɗari tara da tamanin da biyar, kalma bakwai ke nan, kusan sakan uku a gudun mai karatunmu. Haka SAW, wadda ba wanda zai karanta ta a taƙaice. Ka rubuta shekaru, kuɗi da addu'o'i yadda za a furta su kafin ka ƙirga.

Idan wata kalma dole ta sauka a kan wani hoto, misali a ambaci toka a daidai lokacin da aka nuna ana zuba ta, ka sa wa wannan jimla lambarta ita kaɗai, sannan ka ƙirga baya daga kalmar don ka san inda jimlar za ta fara. Kafin ranar ɗauka, ka naɗi karatun gwaji da wayarka, edita ya ɗora a kan hoton. Duk inda ka ji kana haɗiye ƙarshen kalma ko kana jan numfashi a tsakiyar jimla, rubutun ne ya yi yawa, kuma rage shi ya fi a ƙara wa sautin gudu a kwamfuta, domin kunne yana saurin gane muryar da aka matse.