Abin da sanarwar Chevening ke nufi, ga ƙanena na Kano

Ƙanena, ka tambaye ni ko mu Hausawa mazauna Birtaniya muna da wanda zai sa maka baki a tallafin karatu na Chevening, tunda sanarwar ta fito. Gaskiyar magana ita ce alfarma ba ta aiki a wannan harka, kuma taimakon da muka saba yi wa 'yan uwa shi ne mu zauna da takardar mai nema bayan sallar Isha, da alƙalami a hannu, mu auna ta da sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya.

Gwamnatin Birtaniya ce ke ba da tallafin tun 1983, domin digiri na biyu na shekara guda. Ana son digirin farko mai kyau, da zaɓen kwasa-kwasai uku a jami'o'in ƙasar, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu. Wannan alkawari muna ɗaukarsa da muhimmanci, kuma ba ma ƙarfafa wanda ya shigo da niyyar zama.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne sharaɗin aiki. An ce shekara biyu, amma awanni ake ƙirgawa, kuma sai sun kai 2,800. Kai ka ce ka yi koyarwa mako 60 bayan ka gama jami'a, awa 40 kowane mako, wato awa 2,400 ke nan, saura 400. Abin da zai cece ka shi ne ana karɓar aikin sa kai da na wucin gadi, don haka darasin manya da kake bayarwa Asabar da Lahadi a unguwarku, awa takwas a mako har mako 50, ya cike giɓin daidai. Ka rubuta shi da kwanakinsa na gaskiya, kada ka ƙara ko awa ɗaya, kuma abin da ka yi bayan kammala digiri kaɗai za ka lissafa.

Sai maganar ranar rufewa, wadda ta fi damuna. A 2024 an rufe ranar 5 ga Nuwamba, amma a 2025 aka dawo da ita 7 ga Oktoba, saboda haka wanda ya dogara da ranar bara zai iya tarar da ƙofa a rufe. Lokacin kuwa ƙarfe 12 na rana ne agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya a Kano, ba tsakar dare ba. Na san yadda wuta da intanet suke yi a gida, shi ya sa muke sa wa namu wa'adin mako guda kafin na hukuma. Ka turo mini amsoshinka na rubutu da wuri, ni da wani malami a nan za mu karanta su mu nuna maka inda suka yi rauni, amma gyaran da hannunka za ka yi shi.