Na'ura ba ta ƙirga kuɗin da ke cikin durowa

"Malam, ina da shagunan kayan masarufi uku a Kano. Mun sa manhajar da za ta riƙa turo rahoton ciniki da kanta kowane dare. Zan rubuta wa yaran shago sanarwa cewa ƙanena, wanda yake karɓar kuɗi, shi zai riƙa duba rahoton yana yi musu bayani. Me zan ƙara?"

Alhaji, kafin ka ƙara komai, cire sunan ƙanenka daga wajen dubawa. Ban ce ɓarawo ba ne. Amma mai riƙe kuɗi ba ya binciken kansa, ko ɗan cikinka ne. Manhaja abin da aka shigar mata kawai take faɗa. In an karɓi kuɗin buhun shinkafa, aka koma aka soke rasit, lissafin ranar zai fito tsaf, kuɗin kuma yana aljihun wani. Na san mai shagon da ya daɗe yana murna rahotonsa bai taɓa nuna giɓi ba, sai ranar da aka ƙirga sito aka ga buhunan sukari ba su cika ba. Ɗan 'yar'uwarsa ne a kan kuɗi, shi ne kuma mai karanta masa rahoton.

Saboda haka rahoton ya shigo wayarka da ta wani ma'aikaci da ba ya taɓa kuɗi. Ka rubuta lokacin da rahoton yake rufewa, a ce 8 na dare, domin cinikin bayan nan na gobe ne. In ranar intanet ya yi ta yankewa, a tabbatar duk cinikin ya hau kafin a zargi kowa.

Sai yadda ake karantawa. Kowa idonsa kan jimlar ciniki yake sauka, alhali ita ce mafi ƙarancin amfani. A ce jimla ₦850,000: kuɗi hannu ₦400,000, tiransifa ₦250,000, POS ₦120,000, bashi ₦80,000. Aka ƙirga durowa aka sami ₦385,000, ga takardar ₦10,000 ta 'yan dako da man janareta. Ina sauran ₦5,000? Wannan tambayar za a amsa kafin a buɗe shago da safe, a rubuce, da sa hannu. Tiransifa a gwada ta da abin da ya shiga asusun banki, ba da hoton da mai saye ya nuna a wayarsa ba. Bashin ₦80,000 kuwa ba kuɗi ba ne tukuna, a ga sunan wanda ya ci da wanda ya ba shi.

Layin da nake so ka fi tsananta shi ne na rasit da aka soke da kayan da aka ce an dawo da su. Kowane ɗaya a kawo dalili. Sannan kullum a zaɓi kaya biyar, yau taliya da sukari, gobe mai da madara, a ƙirga da hannu a gwada da ragowar da rahoton ya nuna. Kada mai karɓar kuɗi ya san wanne za a zaɓa.

Ƙanen naka kuma ka kira shi ka gaya masa da bakinka kafin takardar ta fita, kada ya tsince ta a gaban yara.